Ribar da ke kan allo da kuɗin da ke shigowa aljihu

Ƙannena da ke shiga kasuwar kirifto a nan Maradi, akwai wani lissafi da na daɗe ina yinsa ba daidai ba, kuma ina ganin yawancinku haka kuke yi. Ina duba farashin da na saya da wanda na sayar, in na biyu ya fi na farko sai in ce na ci riba. Har godiya nake yi wa Allah a kan cinikin da uwar kuɗi ta ragu a cikinsa. Zan bi muku ciniki ɗaya daga farko har ƙarshe, na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi, amma hanyar ita ce.

Na sayi USDT 500, tsabar kirifto da darajarta ke bin dalar Amurka, ta P2P, wato kai tsaye daga hannun wani mutum, a kan sefa 620 kowace ɗaya, ke nan jaka 310. Tura kuɗin ga mai sayarwa ta waya ya ci jaka 3. To daga nan uwar kuɗina jaka 313 ce, kuma wannan jaka 3 ba za ka taɓa ganinta a tarihin manhaja ba, don a wajenta aka biya. In ba ka rubuta a littafinka ranar ba, ta ɓace.

Da USDT 500 ɗin na sayi ETH, wata tsabar kirifto, a kan USDT 2,500 kowace ɗaya, wato ETH 0.2. Kamashon ciniki 0.1 cikin ɗari ne. A nan ne na fi daɗewa ban gane ba: idan ka saya, sau da yawa daga tsabar da ka saya ake yankar kamashon, ba daga USDT ba. Sai ka ga 500 ɗinka ta fita cif, ka ɗauka ba a cire komai ba. Ka duba layin da aka rubuta Fee, za ka ga 0.0002 ETH. Abin da ya shiga hannuna 0.1998 ne.

Farashi ya hau zuwa 2,600, na sayar. A kaina, 100 sau 0.2, ribar USDT 20, sama da jaka 12. Amma 0.1998 sau 2,600 ya ba da 519.48, aka yanki kamasho 0.52, wannan karon daga USDT, saura 518.96. Sai na fitar da su zuwa wani asusu inda na saba sayarwa, kuɗin cirewa ya ci USDT 1, saura 517.96. Har nan da sauran riba, 17.96.

Wurin komawa sefa ne abin ya juye. Masu saye a P2P suna biyan 605, ba 620 ba. Wannan giɓin ba a kiransa kamasho a ko'ina, babu layinsa a tarihi, amma ya fi duk kamashon ciwo: sefa 15 a kan kowace USDT, kusan 7,770 gaba ɗaya. Na karɓi 313,366, wurin cire tsabar kuɗi a shago aka ɗauki jaka 3, na riƙe 310,366. Na zuba 313,000. Faɗuwar sefa 2,634 ke nan, a cinikin da farashi ya hau kashi 4 cikin ɗari.

Ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Jibiya ya biyo ta Ɗan Isa ba ya ƙirga riba sai ya sa kuɗin mota, da na dako, da abin da canjin naira ya ci. Lissafin nan shi ne namu:

```
riba = (sefar da ta shigo hannu) - (duk sefar da ta fita)
310,366 - 313,000 = -2,634
```

Da na yi wannan lissafin ta baya kafin in sayar, da na san inda zan tsaya. Ina bukatar 316,000 kafin a cire jaka 3 ta shago. A raba da 605, USDT 522.31. A ƙara 1 ta cirewa, a ƙara kamashon sayarwa, ya kai 523.84. A raba da 0.1998, sai farashin ETH ya kai wajen 2,622 kafin in maido uwar kuɗi kawai. Duk abin da ke ƙasa da haka faɗuwa ce, ko allo ya yi kore. Ku riƙa fitar da wannan lambar tun ranar da kuka saya.

Game da kuɗin cirewa, ku lura cewa yawanci ƙayyadadde ne, bai damu da yawan abin da ka fitar ba, kuma yana bambanta da hanyar turawa da ka zaɓa, TRC20 daban, ERC20 daban. USDT 1 a kan 500 ba ta da nauyi. A kan 20, kashi 5 cikin ɗari ce. Ni na saba fitar da kaɗan-kaɗan duk lokacin da na bukaci kuɗin cefane, kowace fitarwa da yankanta. Sannan cirewa ba sayarwa ba ce. In ka kai tsabarka wani asusu naka, babu riba babu faɗuwa sai wannan yankan, kuma farashin da ka saya yana binta can. Sabon wurin ba zai san nawa ka saya ba, shigowa kawai zai nuna.

Akwai kuma ruɗin saye sau biyu. Ka sayi ETH 0.1 a 2,500, farashi ya sauka ka ƙara 0.1 a 2,000, sai ka sayar da 0.1 a 2,300. Mu ajiye kamasho gefe tukuna. Zuciya tana son ta tuna sayen ƙarshe, ta ce ribar 30. In ka ce wanda ka fara saye shi ka fara sayarwa, faɗuwar 20 ce. In ka haɗa biyun ka raba, kowace ETH ta tsaya maka 2,250, ribar 5. Ranar da ka sayar da duka, hanyoyin nan za su haɗu a lamba ɗaya. Ɓarnar ita ce ka riƙa sauya hanya kana zaɓen wadda ta fi daɗin ji, sai saye mai tsada ya zauna a asusu ba a taɓa ƙirga shi ba. Ni haɗawa da rabawa nake yi, don ta fi sauƙi a littafi, kuma ina sa kamashon saye cikin abin da na kashe kafin in raba da abin da ya shigo hannu.

Tarihin kansa ba wuri ɗaya yake ba. Na ciniki daban, na P2P daban, na shigarwa da cirewa daban, sai ka sauke kowanne, galibi a matsayin takardar jadawali ta CSV, ka jera su bisa rana. Oda ɗaya tana iya cika a gutsure uku ko huɗu, kowane gutsure da farashinsa da kamashonsa, don haka ka tara su duka. In lokacin da ke jikin takardar na agogon duniya ne, wato UTC, agogon Nijar yana gabansa da awa ɗaya, kada ka ruɗe wurin haɗa shi da saƙon tura kuɗi na wayarka.

In ka gama, ka gwada aikinka. Ga kowace tsaba, tara abin da ya shigo, cire abin da ka sayar, da wanda ka fitar, da kamashon da aka yanka a cikinta. Abin da ya rage dole ya yi daidai da abin da asusunka ke nunawa yanzu. In littafinka ya fi asusu da ɗan kaɗan, kamar 0.0002, akwai kamashon da ka tsallake. In bambancin babba ne, koma tarihin cirewa, akwai fitarwar da ba ka rubuta ba.