Kuɗin da ke hannun amana

Lokacin da na fara sayar da kaya ta intanet, abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga an rubuta cewa mai saye ya biya, amma kuɗin bai shigo hannuna ba. Dandalin da nake sayarwa a kai ne ke riƙe da shi har sai an tabbatar kaya sun isa. Wannan tsari shi ake kira eskuro, wato a damƙa kuɗi amana ga wani na uku. Da shi Taobao, wani dandalin ciniki ta intanet, ya shawo kan rashin yarda tsakanin masu ciniki a China tun 2003.

Da farko na ɗauka mai saye kaɗai ake karewa. Daga baya na gane ni ma ina cin moriya: ba na ɗaure kaya sai na ga kuɗin ya shiga asusun dandali, don haka babu mai yaudarata da hoton rasit na bogi, babu kuma "zan turo gobe".

Sai dai kariyar tana da iyaka, kuma sai da na yi asara na san iyakar. Wani ya sayi waya a wurina, bayan ya biya ya aiko mini saƙo ta lambata cewa ya yi tafiya, in kai wa ƙaninsa a wani adireshi. Na ga ba wani abu ba ne, na aika. Kwana huɗu da isar wayar ya shigar da ƙorafi cewa bai karɓi komai ba. Na tura lambar bibiyar kaya, tana nuna an kai. Mai duba ƙorafin ya gwada ta da adireshin da ke kan odar, ya ga ba su zo ɗaya ba. Hirar da muka yi a wajen dandali kuwa ba a karɓe ta a matsayin hujja ba, tunda ba su da hanyar tantance ta. Aka mayar masa da kuɗinsa, wayar kuma ta tafi. Ban ce an zalunce ni ba. A wurinsu "an kai" na nufin an kai inda odar ta ce. Yanzu duk wanda ke son canza adireshi, sai ya soke odar ya sake sabuwa.

Ɗaya darasin lissafi ne. Ina yin kwana 2 kafin in aika kaya, su yi kwana 5 a hanya, sannan a jira kwana 7 ko mai saye zai yi ƙorafi. Kwana 14 ke nan. In ina sayar da guda 10 kullum, kuɗin guda 140 ne a tsare a kowane lokaci. Abin mamaki, watan da kasuwa ta fi buɗe mini shi ne watan da na rasa kuɗin saro sababbin kaya, har sai da na rage talla na mako biyu kafin jarina ya dawo.