Daren da turmin haƙorina ya hana ni kwanciya

Ciwon ya taso ne bayan sallar isha'i, a turmin ƙasa na hagu, wanda ya daɗe da kogo. Da farko tsami yake yi in na sha abu mai zafi. Da na kwanta sai ya koma zogi, yana bugawa tare da bugun zuciyata har cikin kunne. Asibitin haƙori kuwa sai da safe.

Wajen sha biyun dare na kira yayata, wadda take aikin jinya. Kafin ta ce in sha komai sai da ta jero mini tambayoyi: "Fuskarka ta kumbura? Akwai zazzaɓi? Kana iya haɗiyar yawu, bakin yana buɗuwa sosai?" Na ce, "Yaya, babu ko ɗaya, zogi ne kawai." Ta ce to zan iya jiran gari ya waye. Amma in kumburi ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi ko ya haura wajen ido, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, in tafi sashen gaggawa na babban asibiti a daren, domin irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro.

Sannan ta tambaya ko ina da olsa, ciwon ƙoda ko asma. Da na ce a'a, ta ce in ɗan ci wani abu, in sha ibufurofen miligiram 400 tare da farasitamol ƙwaya biyu masu 500. Biyun ba hanya ɗaya suke bi ba, shi ya sa haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai tasiri a ciwon haƙori. Ibufurofen ba a maimaita shi sai bayan awa 6 zuwa 8, kuma mai juna biyu ta bar shi. Farasitamol kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24, har da wanda ke ɓoye cikin magungunan mura, don hanta ce ke ji a jikinta. Diklofenak ɗin da ke cikin durowa kuwa dangin ibufurofen ne, ba a haɗa su. A nan nake ganin haɗarin ƙullin magani da wasu masu kemis ke ba mutum a leda babu suna: ba ka san me ka ninka ba.

Kafin maganin ya kama ana ɗaukar rabin awa ko fiye, kuma wannan tsakanin ne ke sa mutum ya yi aika-aika. Uwargida ta kawo shawarar a danna asfirin a kogon, kamar yadda ake yi a gidansu. Yaya ta hana, ta ce ƙona dasashi yake yi ya bar farin gyambo, jijiyar kuma tana nan yadda take. Ruwan batir da fetur da ake faɗa a majalisa, ba sai an tsaya magana a kansu ba. Abin da na yi shi ne na zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi na kurkure baki, har wani ɗan zaren nama da ya maƙale ya fito. Na ɗora kanumfari ƙwaya ɗaya a gefen haƙorin, na bar yawu ya jiƙa shi, na ɗan danna. Wurin ya yi dunɗum na ɗan lokaci. Ya taimaka, amma iyakarsa ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki zama ne. Jijiyar haƙori tana cikin ɗan rami mai tauri da ba ya buɗawa, in ta kumbura ba ta da inda za ta je. Da ka kwanta jini ya ƙaru a kai, matsi ya ƙaru, zogi ya dawo. Na jingina da bango da filo biyu, na naɗe ledar ruwa mai ƙanƙara a tsumma na riƙa ɗorawa a kumatu kamar minti goma sha biyar ina saukewa. Gashi da ruwan zafi ba a yi, ƙara kumburi yake. A zaune na samu barcin da na samu.

Na kuma lura da wani abu: in na guntsi ruwan randa mai sanyi, ciwon sai ya lafa, da ruwan ya ɗumama a baki sai ya dawo. Da safe na faɗa wa likitar, ta ce sau da yawa alama ce ta jijiyar ta kusa mutuwa, ciko kawai ba zai wadatar ba. Na tambaye ta ko da na sha amoksisilin da daren ya zo da sauƙi. Ta ce a'a, antibayotik ba ya kwantar da jijiyar da ta kumbura a cikin haƙori, sai in ƙwayar cuta ta bazu ake ba da shi. Kuma da na wayi gari ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, da ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu, daga baya ruwa ya taru a saiwa.

Bayan ta ɗauki hoton haƙorin ta ba ni zaɓi biyu, a cire shi ko a wanke jijiyar a cike ramin. Turmin yana da sauran ƙwari, don haka na zaɓi wankin jijiya, ko da yake ya fi cirewa tsada kuma sai an koma.