Hoton takardar jarrabawa da ya shigo da hantsi

Laraba, Aboabo, Kumasi

Wajen ƙarfe goma da rabi ina ɗakin malamai ina duba littattafan yara, sai saƙo ya shigo ta WhatsApp daga ɗan yayata da ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, wato JHS. Hoton takardar lissafi ne, a ƙasa ya rubuta: "Kawu, don Allah lamba 3, yanzu yanzu."

Ba yau ya fara turo mini hoto ba, amma na da duk fasko ne, tsofaffin tambayoyin BECE, jarrabawar kammala JHS, da shekararsu a sama. Wannan kuwa kan takardar na ɗauke da sunan makarantarsu da kwanan watan yau, an ɗauke shi a karkace daga ƙarƙashin tebur, har gefen takardar amsa ya fito. Jarrabawar gwaji ce, kuma yana cikinta. Na rubuta masa: "Ajiye wayar nan, ka yi abin da ka iya. Ka zo gida bayan Magariba." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a BECE ta gaske kama yaro da waya a ɗakin jarrabawa kaɗai ya isa WAEC ta soke sakamakonsa.

Ya zo yana cin magani. Na miƙa masa biro da takarda, na ce ya maimaita mini abin da ya rubuta da safe. Tambayar ita ce: wata 'yar kasuwa ta sayar da atamfa sidi 360, ta ci ribar kashi 20 cikin ɗari, nawa ta saye ta? Ya nemi kashi 20 na 360, ya samu 72, ya cire, ya ce 288.

Ban ce masa ya yi kuskure ba. Na ce, "To, ɗana, a ce 288 ta saye ta. Ɗora ribar mu gani." Ya buga, ribar ta zo 57.60, jimla 345.60. Ya dubi 360 da ke cikin tambayar, ya sake bugawa, abin bai canza ba. Nan ya daina fushi ya fara tunani.

Wannan kuskuren ina ganinsa kowace shekara, kuma dalilinsa ɗaya ne: riba a kan kuɗin saye ake lissafa ta, yara kuma sai su lissafa ta a kan duk lambar da suka gani a gabansu. Sai na bar 360 gefe, na ce ya sayi kaya a kasuwar Kejetiya sidi 100, ya ci ribar kashi 20, nawa zai sayar? Ya ce 120. Na ce ya cire kashi 20 na 120 ɗin ya ga ko zai koma 100. Ya samu 96. Da bakinsa ya ce, "Ashe 360 ɗin ita ce 120 ɗin." Daga nan ban ƙara ko kalma ba. Ya raba 360 da 120 ya samu 3, ya ninka sau 100, ya rubuta 300, ya kuma ɗora 60 don ya tabbatar.

Ana cikin haka Yaya, mahaifiyarsa, ta leƙo, ta ce da na tura masa amsar da safe ai da ya tsira da makinsa, tunda gwaji ne kawai. Na ce mata, "Yaya, gwajin ne ke gaya wa malaminsa inda yaron ke tuntuɓe. In na rufe ramin da amsata, malamin zai wuce wannan darasi yana zaton an gane." Na kuma nuna mata cewa ko makin ba zai samu duka ba. A sashen rubutu, masu duba lissafi suna raba maki ne: akwai na hanyar da aka bi, akwai na amsar ƙarshe, kuma 300 tsurarta ba tare da aiki ba ba ta kai yaro ko'ina.

A wurina iyakar a bayyane take. Ina iya tambaya, ina iya kawo ƙaramin misali da wasu lambobi, ina iya nuna masa yadda zai gwada amsarsa. Amma lambobin da ke kan takardarsa shi zai taɓa su, biron kuma ba ya barin hannunsa. In ana cikin jarrabawa kuwa, ko misalin ba na bayarwa.

Kafin ya tafi na ba shi wata: an sayar sidi 500, riba kashi 25. Ya fara rubuta 375, ya tsaya da kansa, ya ɗora ribar ya ga ba ta kai 500 ba, ya goge ya samu 400. Ta asara kuwa ta kayar da shi: an sayar 450, an faɗi kashi 10, ya rasa ko 110 zai raba da ita ko 90. Na ce ya kwana da ita, ya dawo Asabar, wayar kuma Yaya ta karɓe ta har a gama gwajin.