Siket ɗin net ya kwanta, amma sai da nailan ya ba ni wuya

'Yan uwa masu koyon ɗinki, jiya da daddare na rataye rigar 'yar yayata da za ta sa a bikin ƙanwarmu, fara ƙal, siket ɗin net ya buɗe yadda nake so, babu inda ya ƙanƙance. Na tsaya ina kallonta ina murmushi ni kaɗai. Wadda ta san yadda net ɗin nailan yake da taurin kai a wajen guga za ta gane dalili.

Da farko sai da na tabbatar da abin da ke hannuna, don net ɗin kasuwa da yawa foliyesta ne, mai shago kuwa duk sunansu ɗaya a wurinsa. Na yanki ɗan ƙyalle na kai shi kusa da wutar ashana. Tun kafin wutar ta taɓa shi ya ja da baya ya dunƙule, ya yi ɗan farin hayaƙi, ya bar ƙulli mai tauri mai ruwan toka. Foliyesta baƙin hayaƙi yake yi, ƙullinsa ma baƙi. To nawa nailan ne, shafin ma haka.

Ƙarfinsa kam ba a magana. Na ja tattara mai tsawo a kansa, na warware, na sake ja, ramukan net ɗin ba su yage ba. Amma nailan yana miƙewa ya koma, kuma nan ne ɗinki ke lalacewa. Idan kina jan yadin ta bayan keke kina ɗinkawa, allura na kama shi a miƙe, kina sakinsa sai ya koma tsawonsa, layin ɗinkin ya yi tudu da kwari. Na sa siririyar allura lamba 70, na sassauta zaren sama, na yi ƙaramin zigizag, na bar keken yana jan abinsa da kansa. Wannan ya wuce.

Abin da ya cinye mini lokaci shi ne haɗin gefe da tattarar ƙugu. Sun ƙi kwanciya. Ki danna da dutsen guga mai ɗumi, ki ɗaga, ya miƙe kamar ba a taɓa shi ba. Zuciya sai ta ce ƙara wuta. Na kwashe ragowar ƙyallayen na yi gwaji a kansu, don in ga iyakar abin da zai jure. A ɗigo ɗaya na dutsen lantarki, wato wajen digiri 110 na Salshiyas, babu abin da ya same shi. A ɗigo biyu, wajen 150, da na ɗan daɗe a wuri ɗaya ramukan suka fara tsukewa, ƙyallen ya karkace, wurin ya yi sheƙi, ya yi ƙarfi a hannu. A ɗigo uku na atamfa, wajen 200, tuni ya yamutse, farinsa ya koma ruwan madara, wani gefen ya manne a gindin dutsen. Sai da na kankare.

Abin lura shi ne nailan bai kai ga narkewa sosai sai wajen digiri 220, wani irin ma sai 260, amma yana lalacewa tun kafin nan. Dalili yana wajen yadda ake yin zaren. Bayan an fito da shi a masana'anta, ana ja shi ya ninka tsawonsa wajen sau huɗu, sai ƙwayoyin cikinsa masu tsawo su jeru gefe da gefe kamar tsinken tsintsiya a ɗaure. Wannan jerin ne ke ba shi ƙarfi. Zafi yana sassauta shi, zaren ya nemi komawa gajere, shi ya sa yake ƙanƙancewa, kuma idan ya huce a haka, a haka zai zauna. Ruwa ba ya mayar da shi, sake guga ma ba ya mayarwa. Dutsen gawayi kuwa ban ma kawo shi kusa ba, don ba ki da yadda za ki san zafinsa, ga tartsatsi ɗaya ya isa ya huda miki siket. Ranar da babu wuta haƙura na yi.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe: ɗigo ɗaya, farin ƙyallen auduga mai ɗan laima a saman net ɗin, dannawa a ɗaga ba gogawa ba, sannan in ɗora tafin hannu a wurin har ya huce sarai kafin in motsa shi. Hucewar nan ita ce sirrin. Tun ina ɗagawa da ɗuminsa yana tashi, da na fara barinsa ya huce a danne sai ya riƙe. Jikin siket ɗin kuma ban guge shi ba ko kaɗan. Na rataye shi, na bi shi da tururi daga nesa kamar taƙi ɗaya, ya kwana a rataye, da safe duk ninkin ya saki.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne net ɗin farko da na saya. A cikin shagon fari ne, da na warware shi a tsakar gida sai ga layin rawaya a kan kowane ninki. Yadi shida, kuɗinsu ya tafi, sai da na sake saye. Farin nailan idan ya daɗe a rana, ko a zafi, ko a naɗe cikin leda inda hayaƙin janareta ke shiga, yakan yi haka, kuma gefen da iska ke bugu shi ke fara nunawa. Wata maƙwabciya ta ce in jiƙa a bilic. Kada ku yi. Bilic mai kulorin yana cin zaren nailan ne, ya ƙara masa rawaya, ya raunana shi. Na gwada a ƙyalle don ta gani da idonta, ya fito ya fi da dafewa. Rawayar da ta zo daga datti ko maiƙo tana fita da sabulu da ruwa mai ɗumi, amma wadda rana ko zafi suka jawo a cikin zaren take, ba ta wankuwa. Ku riƙa sa mai shago ya warware muku a haske kafin ya sa almakashi. Na kuma gaya wa Yaya kada ta wanke rigar tare da kaya masu launi, don nailan yana kwasar rini daga ruwan wanki da sauri, kuma kada ta ɗora ta a kan kaskon turaren wuta. Ta ce to rigar biki babu turare? Na ce a turara ɗankwalin, Yaya, a bar siket ɗin.

Saura mannewa. Da yarinyar ta gwada rigar, shafin ya naɗe mata a ƙafa, tana tafiya yana ƙas-ƙas. Hunturu ne. Nailan ruwa kaɗan yake riƙewa, wajen kashi 4 cikin 100 na nauyinsa, kusan rabin abin da auduga ke riƙewa, don haka idan iska ta bushe, wutar da gogayya ke tarawa a jikinsa ba ta samun hanyar fita, sai ya riƙa jan fata da ƙura. Feshin ruwa kaɗan ya kwantar da shi nan take, amma yana bushewa ya dawo, man shafawa a ƙafa ma ɗan lokaci yake yi. Na cire shafin daga ƙugu na sa masa siririn farin yadin auduga ta ciki, shi ke taɓa fata yanzu, mannewar ta ragu sosai, kuma za ta fi jin iska. Tsakanin net da net har yanzu yana ɗan kamawa. Idan akwai wadda ta gwada ruwan laushin kaya a ɗauraya a kan farin net bai bar masa tabo ba, ta faɗa mini yawan da ta zuba a bokiti, don gobe nake son in sa duwatsun wuya in miƙa rigar.