Tallar fawa banki: a ƙarshe dai layin farko ya zauna

'Yan uwa masu koyon rubutun talla, tallar fawa bankin nan da na dame ku da ita ta fara kawo ciniki, kuma ina jin daɗi ƙwarai. Na ce bari in rubuta tun abin yana da zafi a raina.

Kayan na yayana ne, yana da tebur a kasuwar waya ta titin Bairut a Kano, ni kuwa na karɓi aikin rubuta masa talla don in gwada hannuna. A tsarina, zan fara da tallar siffofi zalla, sai ta amfani zalla, daga baya in kwatanta su. Tsarin bai je ko'ina ba, domin tun a layin farko na tallar amfani na maƙale, sauran matakan duk suka cuɗe.

Ta siffofin ba ta da wuya, kwalin kawai na duba na jera: 20,000 mAh, ƙofa biyu ta fitar da caji, USB-C, yana shan caji da 18W. Na zuba naira dubu takwas aka yaɗa ta, kuɗin da har yanzu nake jin zafinsu. Saƙonnin da suka shigo kusan duk tambaya ɗaya ce: "Sau nawa zai cika min waya?" Ka ga ke nan mai karatu ya ga lambar, bai san me za ta yi masa ba, sai ya dawo min da aikin da ya kamata tallar ta yi.

To a nan fa aka yi ta. Kowa ya san ana ɗaukar siffa a tambaye ta "sai me?" har ta zama amfani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da zarar siffa ta koma amfani, ta zama alkawari. Idan na rubuta 20,000 mAh, maganar kamfani na maimaita. Idan na rubuta "zai cika maka waya sau huɗu", ni na yi magana, kuma teburin yaya za a dawo da kayan in ba a ga huɗun ba.

Huɗun kuwa ita ce ke fara zuwa kai. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu yanzu batirinsu 5,000 mAh ne, ka raba dubu ashirin da dubu biyar, huɗu ta fito ɓul. Tallace-tallace da yawa a haka suke tsayawa. Sai dai lambar da ke goshin kwali ta ƙwayoyin batirin ciki ce, masu aiki a kan 3.7V. Kafin wuta ta bi igiya sai an ɗaga ta zuwa 5V ko sama, in ta shiga waya kuma a sake sauke ta. Kowane juyi yana cin rabonsa, shi ne ɗumin da kake ji a bayan wayar da jikin fawa bankin. Lissafin da na yi ke nan, layin farko wutar da ke cikin fawa bankin ce, na biyu kuma wadda batirin wayar ke ɗauka:

```
20,000 mAh × 3.7 V = 74 Wh
5,000 mAh × 3.85 V ≈ 19 Wh
74 × 2/3 ≈ 49 Wh
49 ÷ 19 ≈ 2.6
```

Wato kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a hanya. Ku juya bayan kwali ku duba ƙananan rubutu, kamfanonin kirki suna sa wata lamba ta biyu mai suna "Rated capacity". A namu 12,000 mAh aka rubuta, a kan 5V. Wannan ita ce ta fi kusa da abin da mai saye zai gani da idonsa. Ban tsaya ga takarda ba, na bar wayata ta mutu na jona, ta cika sau biyu, a na uku ta kai wajen rabi fawa bankin ya ɗauke.

Da na nuna wa yaya layin "sau biyu da rabi", sai ya ɓata fuska. Ya ce, "Kai yaro, na kusa da ni yana cewa sau biyar, kai za ka ce biyu da rabi? So kake a wuce mu?" Na ce, "Yaya, a yi haƙuri a ba ni mako guda." Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare, domin biyu da rabi a kusa da biyar ba ta da kwarjini ko kaɗan. Na yi ta juya jimlar nan har raina ya ɓaci, ina ƙara mata kalmomin zuga ina gogewa.

Abin da ya warware min shi ne lura da cewa "sau biyu da rabi" ma har yanzu lissafi ne, ban kai ga rayuwar mutum ba. Na tambayi yaya su waye suka fi sayen wannan girman. Ya ce masu POS, sai ɗalibai masu zaman hostal. Mai POS ba ƙirgen sau nawa ne a gabansa ba. Tsoronsa shi ne na'ura ko waya ta mutu da la'asar ga mutane a tsaye suna jiran cire kuɗi, su juya su tafi rumfar gaba. Nan ƙofa biyun da na jera a tallar farko ba tare da kowa ya kula ba ta samu aikin yi. Ga yadda ta fito:

"Mai POS, kada caji ya tashe ka daga kasuwa kafin magariba. Jona na'urarka da wayarka lokaci guda. Yana cika waya mai batir 5,000 sau biyu har da rabi, mun gwada da hannunmu."

A ƙasa na dawo da siffofin a layi ɗaya ƙarami, 20,000 mAh da USB-C da sauran. Ba na goyon bayan masu cewa a share siffofi gaba ɗaya. Akwai mai saye da ya riga ya san kaya, yana kwatanta tebur uku, shi lambar yake nema, in bai gan ta ba sai ya zargi ana ɓoye masa wani abu. Amfanin ya tsayar da mai wucewa, lambar kuma ta zama shaidarsa.

Siffar da ta ba ni mamaki ita ce 18W ɗin nan ta shan caji, wadda na ɗauka ba ta da wani labari. A garin da ake kawo wuta a ɗauke ba sallama, tsawon lokacin da fawa banki ke ɗauka kafin ya cika babbar magana ce. Da kan caja mai 10W, mai wannan girman yana cin awa tara zuwa goma. Da mai 18W, biyar zuwa shida. Na rubuta, "In an kawo wuta da daddare, kafin asuba ya cika", sannan na ƙara sharaɗin a fili cewa sai da kan caja mai sauri, wanda ba ya cikin kwali. Layin nan da sharaɗinsa ya sa wasu suna haɗawa da kan cajar su saya, abin da ban tsara ba sam.

Wannan karon ban biya ko kwabo ba, a sitatus ɗin WhatsApp na yaya kawai muka sa. Ba zan ce gwajin ya yi daidai ba, tunda masu kallon sitatus sun riga sun san shi. Amma irin saƙon ya canza. An daina tambayar sau nawa, ana tambayar nawa ne da ina za a karɓa.

Ta ɗalibai ce ta rage, kuma ta ƙi min. "Karatun dare ba fargabar caji" ya yi min laushi, kowane fawa banki zai iya faɗar haka. Ina tunanin lissafa awa nawa zai riƙe ƙaramar fitilar USB tare da waya, sai dai zan fara sayen fitilar in kwana da ita ina duba agogo kafin in rubuta kowace lamba. Wanda ya taɓa rubuta wa ɗalibai tallar irin wannan kaya, ya gaya min ta wace siffa ya shiga.