Sunan amarya ya ƙaru, aikin bai rushe ba

Ƴan uwa, yau dai na ci nasara kan abin da ya daɗe yana tayar mini da hankali a Photoshop. Bash ɗin biki ne na wasu a nan Tahoua, mita 3 da mita 2. Sunan amarya ruwan zinariya, da inuwa, ya ɗan lanƙwasa, ya bi ta bayan ɗankwalinta. Da yamma yayanta ya kira, wai a ƙara sunan mahaifi. Kun san halin.

Rubutun yana cikin Objet dynamique tun farko, wato yana da nasa ƙaramin fayil a cikin babban fayil, don haka ban damu ba. Na danna sau biyu, fayil ɗin .psb ya buɗe, na ƙara suna, Ctrl+S. Ina komowa sai ga haruffan ƙarshe a yanke! Dalili kuwa, sa'ad da ka mai da rubutu Objet dynamique, Photoshop yana yanka masa fili daidai tsawonsa na lokacin. Abin da ya wuce gefe yana nan, amma ba ya fitowa. Image > Tout faire apparaître a cikin .psb ya fiddo su, sai dai da fili ya sake girma, rubutun ya gusa a babban fayil.

Nan ne mask, abin da ake fentewa don a ɓoye wani sashe, ya ba ni wuya. A kan rubutun na fente shi, ina bin bakin ɗankwali da burushi. Da rubutu ya gusa na ja shi in daidaita, mask ya biyo shi, tunda sarƙar da ke tsakaninsu a ɗaure take. Sai rami ya koma tsakiyar wani harafi, ɗankwali kuma rubutu ya hau shi. Cire sarƙar ya taimaka, amma sabbin haruffa sun kai wurin da ban taɓa fentewa ba.

Abin da ya yi aiki: na raba rubutu da mask gaba ɗaya. Hoton amarya na ninka, na ɗora kwafin a saman rubutu, na yi masa mask da ya bar ita kaɗai. Hoto a ƙasa, rubutu a tsakiya, amarya a sama. Yanzu ko sunan kakanta aka ce a ƙara, ta bayanta zai wuce. Wallahi na ji daɗi. Filin .psb kuma, daga yanzu ina faɗaɗa shi da Ctrl+Alt+C tun kafin in lanƙwasa komai, rubutu a tsakiya.

Mai yin na Hausa da na Faransanci ya kula: Ctrl+J ba ya raba su, ciki ɗaya suke sha, ka gyara ɗaya duka su sauya. Nouvel objet dynamique par Copier ne ke ba ka mai zaman kansa.

Mai bugawa ya ce in yi Pixelliser don ba shi da salon harafin. Na ba shi TIFF da komai ya haɗe ya zama hoto ɗaya, PSD na nan wurina. Sake buga irin wannan bash jikkuna ne, ba wasa ba.