Batir da fenti a mota ɗaya: karanta tambarin kafin ka ɗaure tampol

Ƙannena masu shiga aikin lodi da aiken kaya a tashoshin Damagaram, akwai wani tambari da ke jikin wasu kwalaye da ganguna wanda yawancinmu muke wucewa ba mu kula ba. Murabba'i ne da aka tsayar a kan kusurwarsa, kowane gefe santimita 10, da zane a sama da lamba ɗaya a can ƙasa. Wannan lambar ita ce ajin haɗarin kayan. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara ajujuwan guda 9, kuma ko daga Kano kayan suka shigo ta Magariya, ko daga Sin suka taso, ma'anar lambar ba ta canzawa.

Aji na 1 kayan fashewa ne, tambarinsa ruwan lemo. Na 2 iskar gas, kamar tukunyar gas ta girki. Na 3 ruwa mai kamawa da wuta, jan tambari mai harshen wuta. Na 4 busassun kaya masu kamawa da wuta, a cikinsu har da kabaid ɗin masu walda, mai shuɗin tambari, wanda ba ya shiri da ruwa. Na 5 rawaya ne, kayan da ke ƙara wa wuta ƙarfi. Na 6 guba, na 7 kaya masu tiririn nukiliya, na 8 masu cin fata da ƙarfe, na 9 kuma sauran haɗurran da ba su shiga ko ɗaya ba. Ban da ajin, kowane kayan haɗari yana da lambarsa mai alƙaluma 4, wadda ake kira lambar UN, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ku dubi tankokin da ke fitowa daga matatar SORAZ a hanyar Tanut: idan allon nan mai ruwan lemo ya nuna 33 a sama da 1203 a ƙasa, esansi ne a ciki, idan 30 da 1202 ne, gazuwal ne.

Ba na so ku haddace duka. Uku ne suke ratsa hannunmu kullum, na 3 da na 8 da na 9, domin fenti da batir a cikinsu suke. Kuma a kansu na yi kuskuren da ya kusa cinye motar mutane.

Wani ɗan kasuwa ya kawo mini kayan gyaran gida da za a kai Agadas: manyan batiran sola na ruwa, masu volt 12, da gwangwanayen fentin mai, da jarkokin tina, da siminti. A takarda na rubuta "kayan gini", don haka mai kayan ya faɗa, ni kuma ban tambaya ba. Batiran suna da nauyi, kowane ya haura kilo 50, sai na sa aka jera su a ƙasa. Kwalayen wasu sun yage, kawunansu a buɗe, ba murfin roba. Wuri ya ƙure, sai na ce a ɗora fentin a kan wani siririn falanki da muka gitta bisa batiran, tinar kuma a cusa ta a gefe. Muka ja tampol muka ɗaure tam, a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa.

Bayan Tanut, inda hanya ta lalace, falankin ya zame. Gwangwani ɗaya na ƙarfe ya zauna daidai a kan kawuna biyu na batir guda. Yaron mota ne ya ji ƙauri ya buga wa direba. Da suka yaye tampol, sai suka tarar gindin gwangwanin ya huje a wuri biyu, kowane huji da baƙin da'ira a gefensa, fenti yana tsiyaya a kan batirin, kan batirin ɗaya kuma ya narke ya karkace. Jarkar tina tana nan kusa, ba ta kai taku ɗaya ba. Da direban ya dawo, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Ɗana, da ka faɗa mini abin da ke bayana, da ban bar tasha da shi a haka ba." Gaskiyarsa ce. Takardar da na rubuta ta hana shi sanin abin da yake ja.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne batir ba ya kashewa. Ba shi da makunni. Volt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa muke raina shi, amma idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, wutar da ke bi ta cikin ƙarfen tana kai ɗaruruwan amfiya nan take. Hakan ya isa ya sa sifana ta yi ja, ya isa ya huda gwangwani. Sannan batirin ruwa yana fitar da iskar haidirojin, musamman wanda aka cire daga caji ba da jimawa ba, ita kuwa idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ƙyas ɗaya ya ishe ta. Ruwan cikinsa asid ne. Shi ya sa lambarsa UN 2794, aji na 8, tambarin da samansa fari ne ƙasansa baƙi, da zanen ruwa yana ɗiga a kan hannu da kan ƙarfe. Kibiyoyi biyu da ke jikin kwalin suna nuna sama ne, kuma ba a kwantar da shi ko da na minti kaɗan ne a kan amalanke.

Fentin mai kuwa, da tina da banish, lambarsu UN 1263, aji na 3. A nan ma akwai abin da ya kamata ku riƙe. Tururin da ke tashi daga ruwan shi ne yake kamawa da wuta. Kowane irin ruwa yana da zafin da in ya kai shi, tururinsa ya isa ƙyas ya kunna shi, kuma duk wanda wannan zafin nasa bai wuce digiri 60 ba, aji na 3 ne. Na yawancin fentin mai yana wajen digiri 40. Na tina mai ƙarfi, irin ta masu fentin mota, yana ƙasa da digiri 23, wata ma ƙasa da sifili. A ƙasashen sanyi fentin mai yakan yi tafiyarsa bai kai wannan matakin ba. A nan, ƙarƙashin tampol da rani, ya wuce shi tun kafin azahar. Zafi yana kumbura gwangwani, murfi ya ɗan ɗaga, tururi ya fito. Kuma ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, sauka yake ya kwanta a ƙasan bodi, daidai inda muke jera batira. Wato ni da hannuna na ajiye ashana a ƙasa, na zuba mata abin kamawa da wuta daga sama.

Ba kowane fenti ba ne haka. Fentin ruwa na bango, wanda ake tsinkawa da ruwa, galibi ba ya cikin kayan haɗari, kuma ba za ka ga jan tambari a bokitinsa ba. Idan kana shakka, tambayi mai kaya da me ake wanke buroshinsa. In ya ce da tina ko kalanzir, ɗauke shi a matsayin aji na 3. Manyan ƴan kasuwa suna da takardar bayanin haɗarin kayan daga kamfani, kuma sashe na 14 a cikinta shi ne na sufuri, nan ne lambar da ajin suke.

Ƙa'idar hanya ba ta hana aji na 3 da na 8 shiga mota ɗaya ba. Abin da take bukata shi ne a kare kawunan batir, a tsayar da kaya kada su motsa. Don haka yanzu batir ba ya hawa motata sai kowane kai yana da murfin roba ko an naɗe shi da tef mai kauri. Ana jera su a tsaye a kan katako, a tokare su ta kowane gefe, a ɗaure. Ba a ɗora komai na ƙarfe a kansu, kuma rodi da waya da jak da sifanun yaron mota ba sa kusantarsu. Fenti yana can ɗaya ƙarshen, murafu a sama, a cikin kwalayensa, da buhunan siminti a tsakani, a kuma bar wa iska hanya a ƙasan tampol. Idan asid ya zube a bodi, a zuba masa yashi da dakakkiyar kanwa. Idan a jikin mutum ne ko a ido, ruwa ne kawai, mai yawa, a yi ta kwarara shi aƙalla minti 15 sannan a nufi asibiti.

Wanda ya fi damuna a yanzu shi ne batirin litiyom, domin ya cika kasuwar Dole, daga na waya zuwa manya na sola, kuma ba ya tsiyaya balle ya tsorata kowa. Aji na 9 ne, tambarinsa mai baƙaƙen layuka a sama da zanen batira a ƙasa, ɗaya yana ci da wuta. Lambarsa UN 3480 idan shi kaɗai ne, UN 3481 idan yana cikin na'ura ko an haɗo su a kwali ɗaya. Idan aka murƙushe shi, ko aka huda shi, ko ya sha zafi fiye da kima, sai ya fara dafa kansa daga ciki. Ɗaya ya kunna na kusa da shi, wannan ya kunna na gaba, kuma yana iya sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Shi ya sa tun daga 2016 aka hana ɗaukar UN 3480 a matsayin kaya a jiragen saman fasinja, a jiragen kaya ma sai cajinsa bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Mu kuma a tasha sai mu jefa kwalinsa a saman bas, ɗan lodi ya taka shi, rana ta yi ta dukansa har Difa.

Ku lura da wannan, don shi ne babban dalilin raba shi da fenti. Wutar litiyom ruwa mai yawa take bukata, don a sanyaya batiran da ba su kama ba. Wutar fenti da tina kuwa, in ka watsa mata ruwa, tina tana hawa kan ruwan ta bi shi duk inda ya malala. Yashi take so, ko abin kashe gobara mai hoda. Idan suka kama tare a tsakiyar daji, duk wanda ka zaɓa ya ɓata ɗayan.

Batirin litiyom da ya kumbura, ko ya lotsa, ko yake da ɗumi alhali ba a caji yake ba, ko yake fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi, kada ka karɓe shi, ko nawa za a ba ka. Mai lafiya kuma ya hau cikin kwalinsa na asali, a inuwa, ba abu mai nauyi a kansa. Sannan ka rubuta a takarda sunan kayan, da lambarsa, da ajinsa, da yawansa, ka kira direba ka nuna masa da yatsa inda batir yake da inda fenti yake kafin a ja tampol.